Sanarwar kwalara iri uku: wacce ya kamata a ba mai shela?

A ce damina ta yi nisa, ana cikin watan Agusta. Asibitin unguwa ya karɓi mutum tara masu amai da gudawa a cikin kwana uku, biyu sun rasu a gida kafin a kai su, gwaji kuma ya nuna kwalara ce. Jami'ar lafiya ta kira ka ta ce ka rubuta sanarwar da liman zai karanta bayan sallar Magariba, mai shela ya zaga da ita, matasa su tura ta a WhatsApp. Lokacin da kake da shi bai wuce awa ɗaya ba.

Abin da hannu yake fara rubutawa a irin wannan yanayi kusan kullum shi ne wannan:

"Hattara jama'a! Hattara! Muguwar annobar kwalara ta ɓarke a unguwarmu, tana ta kashe mutane babu ƙaƙƙautawa. Cuta ce da ba ta barin yaro, ba ta barin babba, cikin 'yan sa'o'i sai dai gawa. Ƙazanta ce ke kawo ta. Duk wanda aka samu ya ɓoye mara lafiya a gida zai fuskanci hukunci. Kowa ya yi ta kansa!"

Idan wani dattijo a kwamiti ya karanta ya ce wannan za ta tayar da hankalin mutane, sai a koma ɗaya gefen:

"Ana sanar da jama'a cewa an samu rahoton 'yan matsalolin ciwon ciki a wasu sassan unguwa. Babu wani abin damuwa, hukuma tana kan lamarin. Ana shawartar jama'a da su kwantar da hankalinsu, su kula da tsafta, su kuma tuntuɓi ma'aikatan lafiya idan buƙata ta taso."

Akwai ta uku, wadda ita nake goyon baya, kuma zan faɗi dalilina da abin da take ci wa mai rubuta ta:

"Jama'ar unguwa, assalamu alaikum. An tabbatar da kwalara a unguwarmu. Tana iya kashe mutum a yini ɗaya idan bai samu ruwa a jikinsa ba, kuma kusan duk wanda aka fara ba ruwan ORS da wuri aka kai shi asibiti yana warkewa. Duk wanda ya fara gudawa tsululu, da amai ko babu amai, a haɗa masa leda ɗaya ta ORS a ruwan leda biyu, a fara ba shi nan take, a kama hanyar asibitin unguwa ana ba shi yana kurɓa. Kada a jira gari ya waye, asibitin yana buɗe dare da rana. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi da kafin a taɓa abinci. Za mu sake sanar da ku halin da ake ciki gobe bayan Magariba."

Ma'aunin da nake auna su da shi guda ne. Ina sa wata uwa a raina, mu ce ta ji sanarwar daga lasifikar masallaci tana tuƙa tuwo. Ƙarfe ɗaya na dare ɗanta mai shekara huɗu ya fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Me sanarwar ta bar mata a ka da za ta yi a awa biyu na farko? Na zaɓi awa biyun nan ne saboda yadda cutar take kisa. Ƙwayar kwalara tana sa hanji ya riƙa zubar da ruwa da gishirin jiki da yawan gaske, jiki ya ƙafe, jini ya kasa zagayawa. Rashin ruwa ne ke kashewa. Idan an mayar da ruwan a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka aikin sanarwa shi ne ta rage tazarar da ke tsakanin zawon farko da kurɓin farko, da kuma tsakanin kurɓin farko da ƙofar asibiti.

Ta farko tana da abu ɗaya mai kyau wanda bai kamata a raina ba: tana sa a saurara. Uwar nan ta ajiye muciya ta kasa kunne. Amma duba abin da aka zuba mata a kunnen. An ce mata "sai dai gawa", wato babu abin yi. An ce mata ƙazanta ce ke kawo cutar, wato idan maƙwabta suka ga an fita da ɗanta cikin dare, gidanta ne gidan ƙazamai. An ce mata akwai hukunci, wato ma'aikacin lafiya ya zama wanda ake gudu. Babu kalma ɗaya a kan ruwa. Ƙarfe ɗaya na dare tana da tsoro cike da ciki, hannunta kuma babu komai. Mai irin wannan tsoro abu biyu yake yi. Ko dai ya lallashi kansa ya ce ai shawara ce ko haƙori ne, ba waccan cutar ba ce, ya jira safiya. Ko kuma ya damƙi duk abin da ya zo hannunsa, ragowar kafso daga kemis, jiƙo, ko maganin tsayar da zawo.

Masu nazarin saƙonnin lafiya sun daɗe da lura da wannan. Wata malama Ba'amurkiya, Kim Witte, ta tsara bayaninsa a 1992: idan mutum ya ji barazana mai girma kuma ya ga akwai abin da zai iya yi wanda zai yi aiki, sai ya tunkari haɗarin. Idan ya ji barazanar amma bai ga mafita ba, sai ya koma yaƙi da tsoron da ke ransa, ta hanyar musu ko kawar da kai. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan uwansu daga barci suna ba su. Aƙalla mutum biyu sun mutu saboda shan gishirin, wasu suka kwanta a asibiti. Tsoro ya riga bayani isa gidajen mutane, sai jita-jita ta cike gurbin da umarni mai kyau ya kamata ya cike.

Ta biyu ta fi ta farko ladabi, kuma a ganina ta fi ta haɗari, domin illarta ba ta fitowa fili. Babu wanda zai zo ya yi ƙorafi a kanta. Amma uwar nan ba ta ma ajiye muciya ba. An ce "'yan matsalolin ciwon ciki", kuma wane gida ne ba a ciwon ciki da damina? An ce "idan buƙata ta taso", ba a gaya mata alamar da za ta gane buƙatar ta taso ba. An ce "a kula da tsafta", ita kuwa tana share tsakar gidanta sau biyu a rana, don haka a wajenta ta riga ta cika umarni, alhali ruwan rijiyar da kwata ta malala a ciki yana nan a randa. Sai kuma jumlar da ta fi kowacce tsada, "babu wani abin damuwa". An yi jana'iza biyu a unguwar, kowa ya sani. Wanda ya raka gawa jiya, yau ya ji ana cewa babu abin damuwa, ya gama yanke hukunci a kan mai sanarwar. Gobe idan ka dawo da gaskiya, ba zai saya ba.

Mutane da yawa suna ɗauka ta uku tsaka-tsaki ce, a ɗebi rabin tsoron ta farko a gauraya da rabin sanyin ta biyu. Ba haka aka gina ta ba. A wajen faɗin haɗari ta fi ta farko gaskiya, domin ta ambaci sunan cutar, ta ce tana kisa a yini ɗaya, ba tare da zuzutawa ba. A wajen kwantar da hankali kuma ta fi ta biyu, domin ta ba da dalilin kwanciyar hankalin. Bambancin yana cikin inda aka ajiye ƙarfin magana. Ta farko ta zuba ƙarfinta a kan siffanta cutar: muguwa, babu ƙaƙƙautawa, ba ta barin kowa. Ta uku ta zuba nata a kan aikin da za a yi da lokacinsa da adadinsa: a haɗa, a fara ba shi nan take, leda ɗaya a ruwan leda biyu, kada a jira gari ya waye.

Jumlar mutuwa ita ce wadda aka fi yin gardama a kanta, don haka bari in tsaya a kanta. Wasu za su ce a cire ta gaba ɗaya. Ban yarda ba. Idan ba a ce tana kisa ba, babu abin da zai fitar da magidanci daga gida ƙarfe ɗaya na dare ya nemi mai babur. Abin da ake yi shi ne a faɗe ta sau ɗaya, a ɗaure ta da sharaɗi, a kuma jingina mata mafita a cikin numfashi guda. "Tana iya kashe mutum a yini ɗaya idan bai samu ruwa a jikinsa ba." Wannan "idan" ɗin shi ne ya mayar da mutuwar abin da ake iya tarewa. Sai rabin jumlar na biyu ya biyo baya kafin mai sauraro ya samu damar firgita: kusan duk wanda aka fara ba ruwa da wuri yana warkewa. Idan ka raba su, ka sa mutuwa a farkon sanarwa, warkewa a ƙarshe, wanda hayaniyar yara ta ɗauke masa hankali a tsakiya ya tafi da rabin farko kawai. A rediyo da lasifika wannan yana faruwa kullum.

Haɗa su da "kuma" na yi da gangan. "Amma" tana iya sa mai sauraro ya ji kamar an janye maganar farko. Ina so ya riƙe duka biyun, cewa tana kisa kuma ana warkewa.

Sai batun suna. "Amai da gudawa" shi ne abin da mutane suka sani, kuma yana bayyana alamar da kansa. "Kwalara" tana da nauyin da ke sa a miƙe. Idan gwaji ya tabbatar, a faɗi kwalara, sannan a bayyana alamar da kalmomin gida. Idan ana jiran sakamako, a ce "ana zargin kwalara ce, ana jiran sakamakon gwaji, amma abin da za a yi ɗaya ne". Faɗin abin da ba a tabbatar ba tukuna ba ya rage wa sanarwa ƙarfi muddin umarnin bai yi rawa ba. Lura kuma na rubuta "da amai ko babu amai". Sunan da muka saba da shi yana iya sa uwa ta zauna jiran amai kafin ta yarda cutar ce, alhali gudawar ita kaɗai ta isa ta ƙafar da yaro. Kalmar "annoba" kuwa ina barinta ga manyan hukumomi idan abin ya game jihohi, kamar a 2021 da Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, jihohi irin su Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A sanarwar unguwa, kalmar tana jawo tunanin abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, sai a sallama.

Yadda ake ba da umarni ma zaɓi ne mai hawa uku. "Ana shawartar jama'a" tana barin ƙofa a buɗe, mai so ya ɗauka, mara so ya bari. "Dole ne kowa", musamman idan an haɗa da barazanar hukunci, tana tayar da taurin kai, tana kuma sa a ɓoye mara lafiya, wanda shi ne abin da ake gudu tun farko. Hausa tana da hanya ta uku da ta dace da wannan aiki sarai: "a haɗa", "a kai", "a tafasa", "kada a jira". Umarni ne kai tsaye, babu roƙo a ciki, amma bai nuna kowa da yatsa ba. Da shi uwar gida take magana a gidan biki, da shi liman yake cewa a daidaita sahu, babu mai jin an ci masa fuska.

Game da "ku kwantar da hankalinku" da "kada ku firgita", shawarata a bar su. Wanda bai firgita ba ka tuna masa akwai abin firgita, wanda ya firgita kuma ba ka ba shi komai ba. Alkawarin "za mu sake sanar da ku gobe bayan Magariba" ya fi su aiki nesa ba kusa ba, domin yana nuna akwai wanda ke riƙe da lamarin, yana kuma rage wa jita-jita fili. Addu'a tana da wurinta, kuma sanarwar da liman zai karanta ba za ta rasa ta ba. A sa ta a ƙarshe, bayan an gama faɗin abin yi, "Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu baki ɗaya", don kada ta zauna a mazaunin umarnin.

Yanzu ga abin da ta uku take ci. Ta farko da ta biyu ana iya rubuta su a zaune cikin minti biyar, domin babu abin da suka yi alkawari. Ta uku kowace jumla bashi ce. Ka ce asibiti yana buɗe dare da rana, to sai ka je ka tabbatar akwai ma'aikaci da dare, akwai fitila, akwai ruwan ƙari. Idan magidanci ya ɗauko ɗansa ƙarfe biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofa, sanarwarka ta mutu a unguwar, har da sassanta na gaskiya. Haka kalmar "kyauta": kada ka rubuta ta sai ka ji daga bakin mai kula da wurin cewa ba za a karɓi ko kuɗin kati ba. Idan asibitin unguwa yana rufewa da yamma, faɗi sunan wanda yake buɗe ko da ya fi nisa. Lambar waya ma sai wadda ka kira aka ɗauka. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya tana da layin kyauta na 6232, amma ga uwar da ke neman taimako cikin dare lambar ma'aikacin da ke kusa ta fi amfani.

Awo ma bashi ne. Ledar ORS da aka saba da ita ta lita ɗaya ce, ruwan leda kuma rabin lita ne, shi ya sa na ce ruwan leda biyu, domin gidaje kaɗan ne ke da abin auna lita. Duk da haka duba ledar da ake rabawa a wurinku, akwai ƙanana na rabin lita, kuma idan irinsu ne dole jumlar ta canza. Idan ORS ta yi ƙaranci a unguwa, sai an ƙara haɗin gida: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokulan a shafe, ba masu tozo ba. A nan nake ƙin taƙaitawa. "A ba shi ruwan gishiri da sukari" ba tare da awo ba jumla ce mai haɗari, domin wanda ya ruɗe yana ganin ƙarin gishiri ƙarin magani ne, gishiri mai yawa kuwa yana iya illata ƙaramin yaro. Ko dai a faɗi awon cikakke, ko a tsaya a kan leda.

Matsala ta biyu ita ce tsawo. Ta uku tana ɗaukar kusan minti ɗaya a karance. A masallaci da rediyo da saƙon murya wannan daidai ne. Mai shela da ke tafiya yana magana kuwa, kowane gida jumla biyu ko uku yake samu kafin ya wuce. A nan wasu suke komawa ta farko saboda gajarta da amo. Gara a yanke ta uku a bar ƙashin bayanta: "Kwalara ta shigo unguwa. Wanda ya fara gudawa a ba shi ruwan ORS nan take, a kai shi asibiti, kada a jira safiya. Ana warkewa idan an je da wuri." Ya maimaita ta a kowane lungu. Tafasa ruwa da wanke hannu su jira zagaye na biyu. Idan wuri ya ƙure, abin da ke hana mutuwa a daren yau shi ke gaba da abin da ke hana kamuwa a mako mai zuwa.

Akwai lokacin da ya kamata murya ta ɗaga sama da haka? Akwai. Idan an gano takamaiman rijiya ko famfon da cutar ke fitowa, ba a lallashi: "Kada kowa ya sha ruwan rijiyar bakin kasuwa daga yau. An same ta da ƙwayar kwalara." Amma ko a nan jumla ta gaba dole ta faɗi inda za a ɗebi ruwa a maimakonta, in ba haka ba ƙishirwa za ta mayar da mutane can kafin Azahar. Haka alamomin da ke nuna jiki ya ƙafe sosai, idanu sun faɗa, fata idan an tsunkule ta ba ta komawa da sauri, fitsari ya ɗauke, mara lafiya ya galabaita ya kasa sha. Waɗannan ana faɗinsu ƙarara a sanarwar da za ta biyo baya, tare da cewa wannan ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti yanzu, kuma ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Wurin da ya fi ko'ina buƙatar taka-tsantsan shi ne jana'iza. Gawar wanda kwalara ta kashe tana iya yaɗa cutar ga masu wanka, musamman idan daga nan suka taɓa abinci ko ruwan masu zaman makoki. Salon ta farko zai ce "an hana taɓa gawa", kuma abin da zai biyo baya shi ne a yi wanka a ɓoye a ce hawan jini ne. Salon ta biyu ba zai ambaci maganar ba sam. Na uku zai ce: "Idan an yi rashi, a sanar da ma'aikatan lafiya kafin wanka. Za su kawo safar hannu da ruwan kulorin, su nuna yadda za a yi wa mamaci sutura ba tare da masu wanka sun kamu ba. Waɗanda suka yi wanka kada su dafa ko su raba abinci a ranar." Wannan sashe ba na sakinsa sai liman da mai unguwa sun ji shi sun gyara abin da za su gyara, kuma ya fi kyau ya fito daga bakin liman.

Kafin a miƙa takardar, akwai gwajin da bai wuce minti biyar ba. Samu mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, mace ɗaya da namiji ɗaya, zai fi kyau waɗanda ba su yi boko ba. Karanta musu sau ɗaya da irin saurin da za a karanta a lasifika. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, kowa zai ce ta yi. Ka ce: "Baba, a ce jikanka ya fara gudawa cikin daren nan, me za ka yi?" Idan amsar ita ce "Innalillahi, Allah ya kiyaye" ya yi shiru, ta farko ka rubuta ko da ka canza mata kalmomi. Idan ya ce "sai mu ga yadda ya kwana", ta biyu ce. Idan ya ce zai haɗa leda ɗaya a ruwan leda biyu ya ba shi su kama hanya, sai ka ƙara tambaya ɗaya, wane asibiti. In ya yi jim, koma ka sa sunan asibitin da wata alama da kowa ya sani a kusa da shi, ka sake karanta masa.